Almakashin rodi ne ko na dandaƙa? Yadda ake rarrabe su kafin a biya kuɗi

A cikin tarkacen 'yan gwangwan, da shimfiɗun masu sayar da tsofaffin ƙarafa a gefen kasuwannin ƙauye, akwai wani ƙarfe da ke yawan rikita mutane. Dogo ne, mai hannu biyu, mai nauyi, da gaɓoɓi a wuyansa, in ka buɗe hannayen sai bakin ya buɗe kaɗan. Mai sayarwa sau da yawa bai san ko mene ne ba, a kilo ya saye shi, don haka duk sunan da ya ga zai fi kawo kuɗi shi zai ba shi. In magini ne ya tsaya, almakashin rodi ne. In makiyayi ne, ai na gyaran kofato ne.

Irinsa wani ɗan 'yar'uwata da ke kiwon awaki a wajen Gaya ya gani a Wudil ranar wata Juma'a. Ya ɗauki hoto guda ya turo mini, ya rubuta: "Kawu, mai shi ya ce na yanka waya ne, amma bakinsa ba kaifi. In saya in kai wa maƙeri ya wasa?" Hoton daga sama aka ɗauke shi, ƙarfen na kwance cikin wasu ƙarafa, babu abin da ke nuna girmansa. Da wannan hoton kaɗai ƙarfen zai iya zama ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: awartakin maƙera, filayar yanke kofato, almakashin rodi, ko kuwa ƙarfen dandaƙar dabbobi da ake kira Burdizzo. Na ce masa kada ya biya, kada kuma ya bari a wasa, ya sake ɗauko mini hoto uku: ɗaya yana kwance, ɗaya ta gefe, ɗaya yana kallon cikin bakin, ya kuma ajiye takardar kuɗi kusa da shi. Kowane hoto a cikin ukun akwai abin da yake korewa.

Hoton farko, wanda ƙarfen ke kwance ana kallonsa daga sama, ƙirga gaɓoɓi ake yi da shi. Awartaki ƙusa ɗaya gare shi, a nan hannayen biyu ke gittawa, bakinsa gajere, hannayensa dogaye siri-siri, kuma za ka ga sawun guduma a jikinsa domin ƙirar hannu ce. Filayar kofato ma ƙusa ɗaya ce, sai dai ita ƙirar masana'anta ce, sumul. To wannan na Wudil ba haka yake ba. Yana da gaɓa inda baki ke juyawa, da wasu inda hannaye ke haɗuwa da wuya, da wata a tsakanin hannayen su kansu. Ƙarfen da aka yi masa gaɓa bisa gaɓa haka, an yi shi ne don ya ninka ƙarfin hannun mutum sau da yawa a ɗan ƙaramin wuri. Maƙeri ba ya bukatar wannan don riƙe jan ƙarfe, mai gyaran kofato ma ba ya bukata. Saura biyu ke nan, kuma a nan mutane ke faɗawa, domin almakashin rodi da Burdizzo dukansu masu gaɓoɓi da yawa ne, kuma in tsatsa ta rufe su kusan kamanni ɗaya suke yi daga sama.

Amma ko a wannan hoton akwai abin lura. Kan almakashin rodi a cike yake: faranti biyu masu kauri da suka haɗu tsaf, a ɗaure da wasu 'yan faranti na gicciye da notuna, ba ka hango ƙasa ta tsakiyarsu in yana rufe. Kan Burdizzo kuwa zobe ne. Muƙamuƙansa biyu sun lanƙwasa waje sannan suka dawo suka haɗu a can ƙarshe, suka bar fili a tsakiya wanda yatsu za su shiga. Wannan filin ba ado ba ne, wurin da fatar dabba ke zama ne don kada a matse inda ba a nufa ba. Hannaye ma suna magana. Na almakashin rodi yawanci bututun ƙarfe ne da fenti, da roba a ƙarshe. Tsofaffin manyan Burdizzo sukan zo da mariƙin katako, wasu kuma da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarshen hannu ɗaya, inda mai aiki ke tokarewa da gwiwa don hannunsa guda ya samu riƙe jijiya.

Hoto na biyu, na gefe, shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, kuma shi ya fi raba gardama. Ka tsayar da ƙarfen a kan gefensa ka duba kaurinsa daga wutsiya zuwa kai. Almakashin rodi shafal yake, kaurin kansa bai wuce na farantan da notunan ba, domin kaifinsa yana bin tsawon ƙarfen ne, kamar na kowane almakashi. Abin da za a yanka ana sa shi ya gitta bakin. Burdizzo ba haka ba: in ka kai ƙarshen kai sai ka ga ya buɗe hagu da dama, domin leɓunansa a gicciye suke, kamar filayar cire ƙusa ta kafinta. A hoton da yaron ya turo, ƙarshen kan ya fi wuyan faɗi sosai, ya kai wajen yatsu uku. Daga nan almakashin rodi ya fita daga lissafi, komai mai sayarwa ya faɗa.

Sai dai leɓe a gicciye ya sake dawo da filayar kofato cikin magana, ga wanda bai ƙirga gaɓoɓi da kyau ba, domin ita ma haka bakinta yake. Shi ya sa ake bukatar hoto na uku, wanda ake ɗauka ana kallon bakin kai tsaye, sau ɗaya a buɗe, in da hali sau ɗaya a rufe. Filayar kofato leɓunanta an fere su sun yi siriri har sun zama kaifi, ko ta dakushe za ka ga gangaren wasawa ta ciki. Leɓunan Burdizzo a mulmule suke tun daga masana'anta, masu kauri, sumul, ba alamar an taɓa nufin su yanka wani abu. Da yawa daga cikinsu kuma suna da 'yan ƙahonni a kusurwoyin leɓe ɗaya, waɗanda ke tare jijiya kada ta zille gefe lokacin da ake matsawa. In ka ga waɗannan ƙahonnin, magana ta ƙare. A nan ne kuma ake gane wani ɗan'uwan almakashin rodi da kan shigo cikin tarkace jefi-jefi: jikinsa iri ɗaya da almakashin, amma bakinsa ramuka ne zagayayyu manya da ƙanana a jere. Wannan na matse kan igiyar ƙarfe ne ko kan babbar wayar lantarki, ba ya yanka, ba ya dandaƙa, kuma ba shi da amfani a gidan manomi.

Akwai abu guda da hoto ba ya nunawa, sai an riƙe. In ka rufe Burdizzo mai lafiya, dab da ƙarshe za ka ji ya yi tauri, ka ƙara ƙarfi, sai ya yi ƙas ya kulle kansa, ko ka saki hannu ba ya buɗewa. An yi shi haka ne don matsin ya tsaya daidai na ɗan lokaci ba tare da hannun mai aiki ya gaji ba. Almakashin rodi ba ya kullewa, da ka saki hannu ya saki.

Na sa yaron ya goge wuyan ƙarfen da tsumma da ɗan kananzir, ya shafa alli a wurin, ya share da tafin hannu. Allin ya zauna cikin rubutun da aka buga, sunan Burdizzo ya fito tare da La Morra. Wannan wani ƙaramin gari ne a yankin Piemonte na arewacin Italiya, inda likitan dabbobi Napoleone Burdizzo ya ƙirƙiro ƙarfen a farkon ƙarni na 20, sunansa kuma ya bi shi har yau, ko da wata masana'anta ce ta ƙera. Yawancin sababbin da ake samu a shagunan maganin dabbobi yanzu kwaikwayo ne, da yawa daga Sialkot ta Pakistan. Almakashin rodi shi kuma lamba ake buga masa a kai ko a hannu, irin su 450 ko 600, wato tsawonsa a milimita, wani lokaci tare da 18 ko 24 na inci. Kada dai a sa injin gurza ƙarfe wajen neman rubutu, yana cinye shi tare da tsatsar.

Sanin suna rabin aiki ne, domin Burdizzo girma-girma ne, kuma girman ne ke faɗa maka dabbar da aka yi shi dominta. Nan takardar kuɗin ta yi amfani. Takardun naira 100, 200, 500 da 1000 duk girmansu ɗaya, tsawon milimita 151, wato santimita 15 da ɗan ɗoriya. Ƙananan, daga naira 5 zuwa 50, milimita 130 ne, don haka a faɗi wadda aka ajiye. Tef ɗin tela ya fi, amma ba kowa ke yawo da shi a kasuwa ba. Sharaɗin kawai shi ne takardar ta kwanta a ƙasa ɗaya da ƙarfen, a jikinsa, wayar kuma ta tsaya daidai samansu. In ka riƙe kuɗin a hannu kusa da kyamara, sai ya yi girma, ƙarfen ya koma ƙarami. Wasu kan ajiye katin banki ko katin shaida, girmansa sananne ne, amma hoton da za a yi ta turawa daga waya zuwa waya bai kamata ya ɗauki lambar katin mutum ba.

A hoton yaron, tsawon ƙarfen ya ci takardar ɗari biyar sau uku da ɗan saura, wajen santimita 48 ke nan, wato inci 19. Wannan shi ne babban, na bijimai. Ƙaramin cikinsu inci 9 ne, santimita 23, takarda ɗaya da rabi, shi ne na 'yan awaki da 'yan raguna. A tsakani akwai na inci 12, 14 da 16, waɗanda ake ɗauka wa manyan raguna da maruƙa gwargwadon girmansu.

To yanzu zaɓin ya canza. Ba batun almakashi ko dandaƙa ba ne kuma, batun ko wannan babban tsoho ya dace da mai awaki goma sha ne, ko gara ya nemi ƙarami, ko ma ya bar wa malamin dabbobi aikin. Don a gane amsar sai an san abin da ƙarfen ke yi. Ba ya yanka fata. Yana murƙushe jijiyar da ke kai jini ga ɗan maraina ta cikin fatar, jini ya daina zuwa, sai ɗan marainan ya kumbura na 'yan kwanaki, daga nan ya riƙa motsewa har ya shanye cikin makonni. Fa'idarsa a kan fiɗiya da wuƙa ita ce babu buɗaɗɗen rauni, don haka ƙuda ba su samun wurin zuba tsutsa, abin da duk wanda ya yi kiwo da damina ya san wahalarsa. Ana yin kowace jijiya daban. Mai aiki ya tura jijiyar zuwa gefen fata da yatsunsa, ya kama iya gefen nan kaɗai a ɗan sama da ɗan marainan, ya matse ya bar shi a kulle na 'yan daƙiƙu, sannan ya koma ɗaya ɓangaren ya yi nasa a ɗan sama ko ƙasa da na farko. Dole a bar tsakiyar fatar ba a taɓa ba, sawun biyu kuma kada su haɗu su zama layi ɗaya, domin ta tsakiyar nan jini ke ci gaba da ciyar da fatar. In aka datse ta daga gefe zuwa gefe, jakar gaba ɗaya ta mutu, ta ruɓe, ta zama raunin da ya fi na wuƙa muni.

Ka ɗauki leɓe mai faɗin yatsu uku ka kai wa ɗan bunsuru ɗan wata biyu ko uku. Jakarsa duka ba ta fi faɗin leɓen da yawa ba. Da wuya ka kama jijiya ɗaya ba ka haɗa da tsakiya ba, nauyin ƙarfen kuma ba ya barin ka riƙe shi da hannu ɗaya kana lalube da ɗayan, ga ɗan akuya na mutsu-mutsu. Ƙarfin da aka shirya wa kaurin fatar bijimi yana iya fasa ta ɗan akuya. Kishiyar haka ma matsala ce: ƙarami a kan babban maraƙi ba ya murƙushe jijiyar har ciki, sai a ga kumburi a ɗauka an gama, bayan wata biyu ɗan maraina ɗaya na nan da ƙwarinsa, dabbar na bin mata. Shi ya sa ake komawa a taɓa bayan mako huɗu zuwa shida, a tabbatar duka biyun sun yi laushi sun ƙanƙance.

A ƙauyukanmu, in ka duba, bunsuru ne aka fi dandaƙewa, saboda wari da fitina, taure kuma ya fi yin ƙiba da daɗin nama. Ragon da ake turka wa layya yawanci ba a taɓa shi, masu saye sun fi son sa cikakke. Shanun huɗa ma manoma da yawa haka suke barin su. Saboda haka a ganina babban Burdizzo kayan mai garken shanu ne, ko na wanda dandaƙa ce sana'arsa yana zagaya rugage. Ga gida mai awaki, na inci 9 shi ne wanda zai yi aiki, kuma ko shi sai in mutum zai tsaya ya koya a hannun wanda ya iya, ya ga an yi a gabansa. Mai 'yan bunsuraye biyu ko uku a shekara bai ma da dalilin sayen kowanne. Ya tara su ya kira malamin dabbobi ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali.

Akwai kuma tambayar tsoho ko sabo, kuma a nan ba na goyon bayan masu cewa duk abin da ya tsufa ya fi. Gaskiya ne ƙarfen tsohon na asali yana da kyau, gaɓoɓinsa kuma an daidaita su da kyau. Amma wanda ya biyo ta hannun 'yan gwangwan ba ka san abin da aka yi da shi ba. Abin da ya fi kashe su shi ne ainihin abin da mai sayarwar nan ya faɗa, wato a ce na yanka waya ne. Da zarar an matse waya ko ƙusa da shi, leɓen ya sami tabo. Wurin da ya lotsa ba ya matse jijiya, gefen tabon da ya taso kuma yana tsaga fata. Na biyu shi ne ajiye shi a kulle shekara da shekaru, wanda ke sa muƙamuƙan su saki. A buɗe ake ajiye shi, da ɗan mai a gaɓoɓi. Sabon kwaikwayo shi kuma nasa aibin shi ne wani ba ya haɗuwa daidai tun daga kwali, wani kuma gaɓoɓinsa kan yi lakwa-lakwa da wuri.

Duka biyun gwaji ɗaya ne ke tona su, kuma ana iya yin sa a tsaye a kasuwa. Da fari ka kulle shi ka ɗaga sama wajen haske. Kada ka ga haske ko kaɗan tsakanin leɓunan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan ka ninke takarda biyu, ka sa zaren igiya a tsakiya, ka matse. Mai lafiya zai datse zaren ko ya murƙushe shi sosai, takardar kuma ta fito da sawu amma ba ta yage ba, domin aikin ke nan da ake so ya yi wa jijiya da fata. A maimaita a tsakiyar leɓe da kowane gefe. In zaren ya fito lafiya a wani wuri, ƙarfen ya saki. In takardar ta tsage, akwai tabo ko an taɓa wasa shi. Daga ƙarshe ka riƙe muƙamuƙan ka girgiza su gefe da gefe, in suna motsi ƙusoshin sun cinye.

Na yaron ya faɗi gwajin haske. A hoton bakin da ya ƙara turowa, an sa farin buhu a baya, ana ganin 'yan ramuka biyu a leɓen ƙasa kusa da tsakiya, girman ƙwayar gero, daidai inda wani ya gwada shi a kan wayar shinge. Ya sake tambaya: "To Kawu, tunda ya lalace a dandaƙa, ba sai a wasa shi ya koma na waya ba?" Ba zai koma ba. Almakashin rodi bakinsa gajere ne, dab da gaɓa, an kuma ƙona shi ya yi taurin da zai ci ƙarfe. Muƙamuƙan Burdizzo dogaye ne masu lanƙwasa, a kan rodi buɗewa za su yi ko su karye. In wayar shinge da sarƙa da kwaɗon da makullinsa ya ɓata ne damuwar mutum, almakashin rodi na inci 18 ko 24 yake bukata, kuma wannan ba abin wahalar samu ba ne a Ƙofar Ruwa cikin Kano ko wurin masu kayan gini a manyan kasuwannin mako. Shi ma in tsoho ne a duba bakinsa kada ya kasance ya ɓantare, a duba ko notunan daidaita baki suna juyawa.

Gyaran leɓen Burdizzo mai tabo kuwa ba aikin magagari ba ne a gindin bishiya. In ka goge wurin ramin sai ka goge duk tsawon leɓen daidai da shi, da ka yi haka kuma leɓunan sun daina haɗuwa da ƙarfin da ake so, kullewar ta zama ta banza. Yaron ya bar ƙarfen a wurin mai shi, ya ce zai tambayi malamin dabbobin da ke zuwa musu rigakafi ko yana da ƙaramin, ya ga yadda ake yi a kan 'yan bunsurayensa kafin ya yanke shawarar sayen nasa.